Tanti, ranar ba da dabuwar ta matso kuma ban gama ba, ƙaƙa zan rubuta ma malam?

Salamu alaikum Tanti, ina wuni, ina gajiya. Ni ɗaliba ce a jami'a nan Yamai, ina shekara ta 2. Wani malaminmu ya ba mu dabuwar na gida shafi 10, a kai mishi ran alhamis 14 ga wata. To sati biyu da sunka wuce anka kira ni Tawa, Innata ba lahiya, ni ce babba, kwana 9 na yi asibiti ina jinyarta, shekaranjiya na komo. Shafi 4 kaɗai na yi. Yau litinin. Ina son in roƙe shi ƙarin lokaci amma tsoro nike ji, mutum ne mai zahi kuma ya ce ba shi son a kira shi ta waya sai dai mel. Na rubuta sau uku ina gogewa, na ƙarshen ya kai shafi guda duk ban haƙuri ne. Ƙawata ta ce in yi shiru kawai in kai a makare in ce kuran ne ya ɗauke. Don Allah Tanti ki taimake ni, mi zan ce mishi?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi ba Inna lahiya, shi sa kaffara ne, ke kuma Allah shi saka miki, jinyar uwa ba ƙaramin abu ba ce.

Abu na farko, yau za ki aika saƙon nan, kar ki bari sai gobe. Shawarar ƙawarki kuma ki aje ta gefe, ba don ita muguwa ce ba, tsoro ne ke magana a bakinta kamar yadda shike magana a naki. Na yi shekaru ina aiki a ofishin sakatariya na wani sashe, takardun ɗalibai ta hannuna suke bi, kuma abin da na gani da idona shi ne malam guda, dalili guda, amma amsa biyu daban: wanda ya yi magana tun ranar ba ta zo ba ana kallonshi a matsayin mai neman izini, wanda ya zo bayan rana ta wuce kuwa ya riga ya yanke hukunci da kanshi, sai ya zo shina son malam shi sa hannu a kai, kuma babu malamin da ke son a yi mishi haka. Ga ki da dalili na gaskiya mai nauyi, don mi za ki yar da shi ki ɗauki ƙaryar kuran? Ɗaukewar wuta kowa a aji ya sha ta, lokacin zahi ma kullum ce, waɗanda sunka kawo aikinsu ran alhamis su ma a cikin duhun nan sunka yi shi, shi ya sa hujja ce da ba ta motsa kowa.

Kafin mu zo kan kalmomi ina son ki gane abin da ke cikin kan malam lokacin da ya buɗe saƙonki, don daga nan ne komi zai yi miki sauƙi. Shi ba tambayar "yarinyar nan tana da ladabi ko ba ta da" ce ta hi damunshi ba. Shina da tulin takardun da zai gyara, shina da ranar da shi ma dole shi miƙa maki ga sashe don a haɗa na samestir, in kuma malamin da ke zuwa daga wani gari ne shi koyar shi koma, to wataƙila sati mai zuwa ma ba shi cikin gari. Sannan shina da sauran ƴan ajinku da za su ji labari, don labari irin wannan ba shi ɓoyuwa, gobe mutum biyar za su zo su ce mu ma. Saboda haka tambayoyin da ke kanshi su ne: wace ce wannan, wane aiki take nuhi, har yaushe take so, kuma in na yarda zan iya kare kaina in wani ya ce na yi son kai? In saƙonki ya amsa waɗannan cikin layi kaɗan, amsarshi kalma guda ce, ya buga ya wuce. In kuwa sai ya karanta shafi guda na ban haƙuri sannan shi komo shi tambaye ki "wane aji kike, yaushe za ki kawo", to kin ƙara mishi aiki, kuma mai zahi in anka ƙara mishi aiki abin da ya hi sauƙi gare shi shi ne shi ƙi amsawa gaba ɗaya.

Shafin nan naki na ban haƙuri, na san daga ina ya hito. Tarbiyyarmu ce. In za ka roƙi babba wani abu sai ka durƙusa, ka gaishe shi, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina zahi, ka kewaya ka kewaya sannan ka taɓa maganar a hankali, kuma a zaure wannan shi ne daidai, wanda ya faɗo da buƙatarshi kai tsaye ma sai a ce ba shi da kunya. Amma mel ba zaure ba ne, takarda ce ta aiki. Ladabi a cikinta shi ne ki kiyaye lokacin mutum, ki kira shi da girmanshi, ki roƙa kada ki yi umurni, ki gode. Gaisuwa layi guda ta isa. Kuma ki lura, yawan "don Allah don Annabi ka ji tausayina" yakan sa mutum cikin ƙunci, don kin mai da abin kamar in ya ce a'a ya zama marar imani, alhali wataƙila hannunshi ne a ɗaure. Ki bar mishi ƙofa buɗe, ya hi sauƙin cewa to.

Yanzu ga wurin da nike son mu daɗe, don nan ne mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa: ranar da za ki roƙa. Kar ki rubuta "ƙarin lokaci" ko "ƴan kwanaki" ko "sai na gama". Ki sa rana da kwanan wata. Kuma ranar ba daga sama za ki ciro ta ba, lissahi za ki yi. Shafi 6 sunka rage miki. Ki tambayi kanki da gaskiya, shafi 4 ɗin da kinka yi kwana nawa sunka ci? Ɗaliba da ke shiga aji da rana, kuma sai ta yi karatu kafin ta rubuta, in ta yi shafi guda a yini mai kyau to ta yi ƙoƙari. Mu ɗauka hakanan. Yau litinin 11 ta tahi wajen saƙo da tattara takardu da kwafar darussan da kinka rasa. Talata, laraba, alhamis, juma'a, asabar, lahadi, kwana 6 ke nan, shafi 6, kin gama rubutu ran lahadi 17. Litinin 18 ki sake karantawa, ki gyara, ki jera littattafan da kinka duba, ki kai a buga miki in takarda shike so. Ranar da za ki roƙa ita ce talata 19 ga wata. Kwana 5 ke nan bayan alhamis, kuma biyu daga ciki asabar da lahadi ne waɗanda ba su rage ma malam komi ba, don da wuya a ce ya gama gyaran tulin gaba ɗaya kafin nan, takardarki sai ta shiga ƙasan tuli ba tare da ta tsai da kowa ba.

Na san zuciyarki za ta ce miki "ki roƙi kwana ɗaya ko biyu kawai, kada shi ga kin yi yawa". Kar ki bi ta. Wanda ya roƙi kwana biyu don kunya sannan ya kasa, sai ya komo roƙo na biyu, kuma roƙo na biyu shi ne wanda kusan ba a yarda da shi, ya kuma ɓata na farkon. Haka in kinka ce sati biyu ko uku, kin shiga lokacin da maki ya kamata su bar hannunshi, sai shi ce a'a ko da shina son taimakonki. Ki roƙi abin da za ki iya cikawa ko da wuta ta ɗauke dare guda, ko anka kira ki daga Tawa kinka yi yini kina waya hankali a tashe. Ranar litinin ɗin nan da na bar miki ta gyara, rabin dalilinta ke nan.

Sai dalili. Jimla ɗaya ko biyu. Mahaifiyarki ta kwanta asibiti a Tawa, ke kinka yi jinyarta, daga rana kaza zuwa rana kaza. Shi ke nan. Ba sai kin faɗi sunan ciwon ba, ba sai kin ba da labarin kuɗin magani da wanda ya taimaka da wanda bai taimaka ba, wannan sirrin gidanku ne kuma ba shi ƙara ma roƙon ƙarhi. Abin da ke ƙara mishi ƙarhi ranaku ne da shaida. In kina da takardar asibiti, ko takardar sallama, ko tikitin motar da kinka shiga zuwa da komowa, ki aje su. A saƙon farko ni na hi son ki ce kawai kina da shaida kuma za ki kawo in ana buƙata, maimakon ki liƙa hoton takardar ciwon Inna, don akwai bayanin lahiyarta a ciki kuma ba ki san inda mel zai je ba. In ya ce ki kawo, sai ki kai da hannu shi gani. Tikitin mota kuwa babu sirri a cikinshi, kuma duk wanda ya san hanyar Yamai zuwa Tawa, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, sama da kilomita 500, ya san ba wurin da ake zuwa da sahe a komo da marece ba ne, zuwa da komowa kaɗai sun ci kwana biyu.

Abin da za ki liƙa shi ne shafi 4 ɗinki. Wannan shi ne makaminki mafi ƙarhi kuma ke kina kallonshi kamar abin kunya. Malam ya saba da mai cewa "na kusa gamawa" alhali ko take bai rubuta ba. Ke in kinka aika abin da kinka yi, da ɗan tsarin abin da ya rage, kanun sassan da za ki rubuta ko layi huɗu ne, ya ga aiki da idonshi, kuma in wani ya yi ƙorahi gobe shina da abin nunawa. Ki mai da shi PDF don kada tsarin shi wargaje in ya buɗe a waya, in da hannu kinka rubuta ki ɗauki hoto a wuri mai haske ki haɗa su fayil guda, kar ki aika hotuna huɗu warwatse. Sunan fayil ɗin kuma ki sa sunanki da aji da darasi, kada shi tahi da suna irin na hoton waya mai lambobi, don in ya sauke shi cikin ordinatar ɗinshi ba zai sake gane na wane ne ba.

To ga yadda saƙon zai tsaya. Da Faransanci za ki rubuta tunda shi ne harshen karatunku, zan ba ki layukan yadda za ki buga su. Wurin take, kar ki bar shi wayam, kuma kar ki sa gaisuwa ko "taimako" ko "gaggawa" a ciki. Taken shi faɗi komi tun kafin a buɗe:

```
Objet : Demande de délai – devoir de [matière] – L2 – [Nom Prénom]
```

Gaisuwa kuma ki duba yadda shi ke sa hannu a takardunshi ko yadda anka rubuta sunanshi a jadawalin darussa. In farfesa ne ki ce Monsieur le Professeur, in dokta ake ce mishi ki bi hakanan, in kina shakka Monsieur kaɗai ya isa kuma babu raini a ciki. Abin da ba a yi shi ne Salut ko Cc ko taƙaitattun kalmomin da kuke yi a WhatsApp, kuma daga farko har ƙarshe vous ne, ko da malamin matashi ne, ko da ɗan unguwarku ne kuna Hausa ko Zabarmanci da shi a waje.

Sannan layi na farko ki ce ke wace ce: sunanki cikakke yadda shike a rajista, shekara ta 2, sashe kaza, darasi kaza, da lambar katinki ta ɗaliba in ana aiki da ita. Kar ki ɗauka ya san ki, a babban aji ko huskarki ya sani sunan bai haɗa da huskar ba. Layi na biyu dalili da ranakunshi. Na uku inda aikin ya tsaya, shafi 4 cikin 10, ga su a liƙe. Na huɗu roƙon kanshi:

```
Je vous prie de bien vouloir m'accorder un délai
jusqu'au mardi 19 pour rendre le travail complet.
```

Ki lura da ginin jimlar nan, roƙo ce, ba sanarwa ba. Akwai bambanci babba tsakanin "ina roƙon ka yarda in kawo ran talata" da "zan kawo ran talata", na biyun shi ne ke sa malam mai zahi shi tashi, kuma ɗalibai da yawa na rubuta shi ba da nuhin raini ba, gajarta ce kawai suke nema. Bayan wannan ki ƙara layi guda da nike ganin shi ne ke buɗe zuciyar malamai: ki ce in talata ba ta yiwuwa, za ki bi duk ranar da ya ga ta dace, kuma in babu hali za ki kawo abin da kinka samu ran alhamis. Da wannan kin nuna hukuncin nashi ne, kuma kin ba shi hanya ta tsakiya, don sau da yawa malam ba zai ba da kwana 5 ba amma zai ce "kawo litinin da sahe", kuma in ba ki buɗe wannan ƙofar ba sai shi ga zaɓinshi e ko a'a ne kawai. Sai rufewa:

```
Je vous remercie de votre compréhension.
Respectueusement,
[Nom Prénom], L2 [filière], [téléphone]
```

Duka-duka saƙon kada shi wuce abin da za a karanta a huskar waya ba tare da an ja ƙasa sosai ba, layi takwas zuwa goma. Haƙuri sau guda ya isa, ki sa shi wajen dalili, cewa kina ba da haƙuri da ba ki sanar tun kina Tawa ba. Wannan kuwa ki faɗe shi, don shi ne tambayar da za ta zo mishi, mi ya hana ta magana tun sati biyu? Ba sai kin kare kanki da dogon bayani ba, wanda ya taɓa kwana a asibiti da marar lahiya ya san hankali ba shi zuwa kan dabuwar.

Akwai abubuwan da nike roƙonki kada su shiga ciki ko da sun zo bakinki. Kar ki ce sauran malamai sun ba ku aiki da yawa, wannan kamar kin ce nashi ne marar muhimmanci. Kar ki ce kin ji ya ƙara ma wance lokaci, kin jefa wance cikin matsala kuma kin sa shi dole shi ƙi don kada a ce ɗabi'arshi ce. Kar kuma ki sa shugaban sashe a Cc, wato ki aika mishi kwafi, tun a saƙon farko, malam zai karanta shi a matsayin ƙara kinka kai. Kuma ki yi magana don kanki ke kaɗai, in ajin gaba ɗaya ke son a ɗaga rana wannan aikin delege ne, hanya ce daban, kar ki haɗa su.

Wani ƙaramin abu da ke kashe saƙo tun ba a buɗe ba shi ne adireshin da kike aikawa da shi. In naki irin wanda anka buɗe miki tun kina koleji ne mai laƙabi da lambobi, kuma sunan da ke hitowa ba naki na rajista ba ne, to ki gyara sunan ko ki buɗe sabo da sunanki na gaskiya, minti kaɗan ne. Adireshin malam kuma ki kwahe shi daga inda shi da kanshi ya ba da, harahi guda in ya kuskure saƙon zai komo miki ko shi tahi wurin wani. In kinka danna aikawa kar ki rufe waya ki kwanta, da irin rezo ɗinmu saƙo mai fayil yakan maƙale a Boîte d'envoi ke kina can kina jiran amsa alhali bai bar wayarki ba. Ki shiga wurin saƙonnin da anka aika ki gan shi da idonki, ki buɗe ki tabbata fayil ɗin na ciki, ki ɗauki hoton huskar wayar da rana da lokaci, wata rana zai yi miki amfani. Ki yi ƙoƙari shi tahi yau kafin la'asar, lokacin aiki, ba ƙarhe ɗaya na dare ba.

Da kin aika, ki buɗe littahi ki ci gaba da aiki kamar an ce miki a'a. Wannan ki riƙe shi da kyau ɗiyata, shirun malam ba yarda ba ce. Na ga ɗalibai sun aika saƙo mai kyau sannan sunka miƙe ƙafa, alhamis ta zo ta wuce, sunka zo ofis suna cewa "ai na rubuta mishi", to rubutawa ba izini ba ce, sai ya amsa. In laraba da sahe ta yi ba ki ji komi ba, ki duba Spam tukuna, sannan ki sake aikawa a kan saƙon farkon, kada ki buɗe sabo, layi biyu kawai, cewa kina tunatar da roƙonki na ran litinin tunda gobe ce ranar. In kuna da darasinshi kafin alhamis ko kin san lokacin da shike ofis, ki tsaya bayan an tashi, ki bari mutane su ragu, ki gaishe shi ki ce kin aika mel ran litinin game da dabuwar, ko ya samu gani. Ya ce kar a kira shi ta waya, to kar ki kira, kar ki aika bokal, ko da delege ya ba ki lambar. In ya amsa miki da baki cewa ya yarda, da kin koma ki aika layi guda na godiya ki ambaci ranar a ciki, "na gode da ka yarda in kawo ran talata 19", don a samu abin a rubuce, malamai na mantuwa kamar kowa kuma ranar da za a shigar da maki ba za ki so a tsaya ana "na ce, ban ce ba".

In kuwa alhamis ta zo babu amsa, ko ya ce a'a, ki kai abin da ke hannunki. Bisa lissahinmu zuwa laraba da dare kina da shafi 6, in kin matsa 7. Ki ɗauki daren laraba ki rubuta ɗan kammalawa ko rabin shafi ne don aikin shi tsaya da ƙafarshi, kada shi yanke a tsakiyar magana. Aiki marar cika na samun maki ko kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin na shiga lissahi a haɗa da na jarrabawa, wanda ba a kawo ba kuwa makinshi sihiri ne ko a rubuta ba ki yi ba, kuma wannan na iya ja miki darasin gaba ɗaya zuwa zama na biyu. Kuma don Allah kar matsin kwana uku shi sa ki kwaso rubutun wani daga intanet ko na ƴar ajinku ki cika shafi, malamin da ya ga shafi 4 ɗinki ran litinin ya riga ya san muryarki, sauran in ba naki ba ne zai gane, kuma wannan matsala ce da ta hi makara nesa ba kusa ba.

In ya ƙi, ki amsa da godiya layi guda, ki ce kin gane kuma za ki kawo ran alhamis. Kar ki yi jayayya ta mel. Akwai samestir gaba, wataƙila ma shi ne zai riƙe ki a aikin ƙarshen lisans. In kin ga rashin zuwanki na kwana 9 ya taɓa wasu darussan, misali an yi wani gwaji ba ki nan, wannan kuma ki je ofishin sashenku da takardunki ki tambayi yadda ake shigar da uzurin rashin zuwa da kuma kwana nawa ake ba mutum shi kawo shaida, ki yi shi cikin satin nan kada shi kwana da yawa.

Ki gaishe mini da Inna in kun yi waya. Kuma wa ke wurinta yanzu da kinka komo? In babu tsayayye, ku zauna da ƙannenki da dangi ku tsara tun yanzu, don in anka sake kiranki ran juma'a to talatar da kinka roƙa ma ba za ta cika ba, gara ki san wannan kafin ki rubuta ranar a cikin saƙon.